Yadda ake magance wayar da ta maƙale wa waifai na nesa a ofis alhali ga na kusa a saman kanta

Ofis ya sa na'urar waifai uku ko huɗu a silin, an kashe kuɗi an ja kebul an yi komai, amma mutum yana shiga ɗakin taro sai kiran bidiyo ya fara yankewa, shafi ya tsaya yana juyawa, alhali ga na'ura nan dai-dai saman kansa fitilarta na ci. Ya kashe waifai a wayarsa ya sake kunnawa, nan take komai ya dawo gudu. In haka take faruwa a wajenku to kar ka ɓata lokaci kana kiran masu ba ku intanet kana musu faɗa, ba su ba ne. Wayar ce ko laftof ɗin har yanzu tana riƙe da na'urar da ta kama tun da safe a bakin ƙofa, ta ƙi saki.

Kafin ka taɓa kowane saiti sai ka gane wa ke yanke hukunci. A waifai wayar ce ke zaɓar na'urar da za ta hau, ita ce kuma ke yanke lokacin da za ta bar ta. Na'urar silin, wadda za ka ga ana rubuta ta AP a allon saiti, iyakarta ta ba da shawara ko ta kori waya, amma ba ta da ikon janyo ta. Ita kuma waya ba a ƙera ta ta riƙa neman wadda ta fi ƙarfi kowane lokaci ba, don neman yana cin batir yana kuma katse aiki na ɗan lokaci. Abin da take yi shi ne tana da wani ma'auni a cikinta, muddin siginar da take kai bai faɗi ƙasa da wannan ma'aunin ba ko waiwaye ba za ta yi ba. Apple sun fito sun faɗi nasu, iPhone da iPad sai sigina ya yi rauni ya kai -70 a ma'aunin ƙarfin sigina da ake kira dBm kafin su fara duba wata, Mac kuwa sai -75, kuma ko sun duba ba sa tashi sai sabuwar ta fi tsohuwar da tazara mai kyau, 8 dB ga iPhone in tana cikin aika data, 12 dB in tana zaune ba ta komai, Mac shi 12 ne ko yaushe. Wayoyin Android kowane kamfani da nasa lissafin, shi ya sa za ka ga mutum biyu a tebur ɗaya, na ɗaya ya koma na ɗaya bai koma ba.

To tunda haka ne aikinka ba tilasta wa wayar ba ne, aikinka ka sa na'urar nesa ta yi rauni a kunnen wayar da wuri, tun tana hanya, don ita da kanta ta ga ya kamata ta tashi. Duk matakan da ke ƙasa kan wannan suke tafiya, korar waya kuma ita ce ta ƙarshe, ko da yake ita ce mutane suke fara dannawa.

Fara da tabbatar da cewa maƙalewar ce

Sandunan sabis da ke saman allo ba za su gaya maka komai ba, ba sa nuna wace na'ura kake kai. Sunan waifai ɗin ɗaya ne a duk ofis, abin da ke bambanta na'urorin shi ne wata lamba mai suna BSSID, kowace na'ura da tata, kai kowace rediyo ma a cikin na'ura ɗaya da tata, ta 2.4 GHz daban ta 5 GHz daban. Don haka ɗauki takarda ka shiga shafin kula da na'urorin ka rubuta haruffa huɗu na ƙarshen kowace lamba da inda na'urar take, risefshan kaza, korido kaza, ɗakin taro kaza. In ba ka samu a shafin ba, tsaya ƙarƙashin kowace ɗaya da manhajar duba waifai, wadda ta fi ƙarfi ita ce ta saman kanka.

Sai ka je inda ake kuka da shi da laftof ɗin da ke ba da matsala, kar ka kashe masa waifai a hanya don za ka goge shaidar. A Windows buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
netsh wlan show interfaces
```

Zai nuna maka BSSID da Channel da Signal cikin kashi ɗari. In kana so ka mayar da shi dBm a ƙiyasce, raba kason biyu ka cire 100, wato 60% kusan -70 ke nan, 90% kusan -55. A Mac riƙe maɓallin Option ka danna alamar waifai a sama, za ka ga BSSID da RSSI da Tx Rate. A Android manhajar WiFiman ko wata irinta ta isa. Lambar RSSI ɗin nan, wato ƙarfin sigina a dBm, tana da alamar ragi a gaba, don haka wadda ta fi kusa da sifiri ita ce mai ƙarfi, -50 ya fi -70 nesa ba kusa ba, sababbin shiga aikin nan da yawa a nan suke juya abin.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Ofis ne dogo mai kamar mita 30, ɗakuna hagu da dama bangon bulo, korido miƙaƙƙe a tsakiya, na'ura ɗaya a risefshan ɗaya a tsakiyar korido ɗaya a ɗakin taro can ƙurya. Wata ma'aikaciya tana buɗe Mac ɗinta a risefshan da safe, ƙarfe goma ta ɗauke shi a buɗe ta wuce ɗakin taro. Ka duba ka ga tana kan na'urar risefshan, a 2.4 GHz, RSSI -72, ita kuma ta ɗakin taron tana ba da -48 a wajen da take zaune. Bambancin 24 dB, amma Mac ɗin bai motsa ba, kuma bisa ƙa'idarsa bai yi laifi ba, -72 bai kai -75 ba don haka bai ma leƙa ya ga akwai wata ba. Koridon nan miƙaƙƙe shi ya kawo siginar risefshan har ƙurya ba tare da bango ya tare shi sosai ba.

In kuwa ka duba ka ga laftof ɗin yana kan na'urar kusa, sigina -50, amma duk da haka yana ja, to tsaya nan, matsalarka wata ce daban, wataƙila kebul ɗin na'urar ne ya lalace ya faɗo 100 Mbps ko ƙasa, ko cunkoso a tashar, ko intanet ɗin kansa. Kar ka shiga rage ƙarfi a banza.

Duba ko na'urorin netwok ɗaya ne da gaske

Wannan matakin gajere ne amma in aka tsallake shi sauran duk aikin banza ne. Suna ɗaya harafi da harafi, faswod ɗaya, irin tsaro ɗaya. In ɗaya tana WPA2 ɗaya tana WPA3 zalla waya za ta iya ɗaukar su netwok biyu ko da sunan ɗaya ne. In kuma sunayen daban ne, irin a sa wa na sama suna a sa wa na ƙasa wani, to waya ba za ta tashi ba sai na farkon ya kusa ɓacewa gaba ɗaya, don a wajenta ba canjin na'ura ba ne, barin netwok ne zuwa wani.

Sai abin da ya fi yawa a ƙananan ofisoshinmu, a je kasuwa a sayo rauta irin ta gida guda uku a jona su da kebul, kowace tana raba adireshin IP nata. Ko an ba su suna ɗaya, waya tana tsallakawa adireshinta zai canza ko ya daina aiki, kira ya yanke, firinta ya ɓace mata. Rauta ɗaya kawai ce za ta raba adireshi, sauran ka mayar da su Access Point Mode in suna da shi, in ba su da shi ka kashe musu DHCP, wato mai raba adireshin, ka ba kowace adireshinta daban a cikin layin babbar, ka jona kebul ɗin a ramin LAN ba WAN ba.

Rage ƙarfin watsawa, nan ne rabin maganin yake

Mai sa na'ura yana gama ɗaurawa sai ya kai Transmit Power ƙarshe, High, ko ya bar shi a Auto wanda a na'urori da yawa kusan ƙarshen yake zama, don oga ya zagaya ya ga sabis ya cika ko a wajen ajiye motoci ya ce aiki ya yi kyau. Wannan shi ke haifar da maƙalewar. Kuma akwai wata illa ta biyu, na'urar silin ta fi waya ƙarfin murya da girman eriya. Kamar lasifikar masallaci ce, kana unguwar gaba kana jin ladan tar, amma in ka amsa masa daga tsakar gidanka ba zai ji ka ba. Waya tana jin na'urar nesa da kyau sai ta ɗauka lafiya lau, amma abin da take aikawa yana isa da ƙyar, ana ta maimaitawa, shi ya sa a kiran bidiyo kai kana ganinsu su kuma suna cewa ka daskare.

Yadda lissafin yake, duk 3 dB da ka rage ka raba ƙarfin biyu, kuma abin da ka rage a na'ura shi zai ragu a abin da waya ke karantawa, ɗaya bisa ɗaya. Don haka kana iya lissafawa tun kafin ka taɓa. A misalinmu rediyon 2.4 na risefshan yana kan 20 dBm, na 5 yana kan 23. Ka zaɓi Custom ka sauke 2.4 zuwa 11, ka rage 9 ke nan, -72 ɗin nan na ɗakin taro ya koma -81. Yanzu Mac ɗin zai tsallake -75 tun yana cikin korido, ya duba, ya ga ta tsakiya ko ta ɗakin taro sun fi da sama da 12 dB, ya tashi da kansa ba wanda ya kore shi. Na 5 kuma ka sauke shi zuwa 17, sai ya zama ya fi na 2.4 da 6 dB. Wannan tazarar da gangan ce, 2.4 ya fi ratsa bango da zuwa nesa, in ka bar su ƙarfi ɗaya kullum shi zai fi ƙara a kunnen waya kuma a kansa ake yawan maƙalewa. Yi wa sauran na'urorin biyu haka, kar ka bar ɗaya tana ihu sauran suna raɗa.

Ni a ganina in na'urorinku suna da yawa kuma kusa da juna, kashe 2.4 a wasu daga cikinsu ma ya fi, tunda tasha uku ne kawai ba sa hawa kan juna a wajen, 1 da 6 da 11, faɗin 20 MHz. A ofis mai na'ura uku sai ka ba kowace tasha ɗaya. In sun kai shida a bene ɗaya to dole wasu su yi karo, gara rabi su yi shiru a 2.4.

Amma kar ka rage ka tafi gida. Rage ƙarfi yana buɗe ramuka a inda da ake lallaɓawa, don haka sai ka sake zagayawa ɗaki ɗaki da waya, ba da laftof ba don waya ta fi shi raunin ji, kana duba lamba a inda mutane ke zama da gaske, ƙofa a rufe kamar yadda take zama kullum, musamman in ƙofar ƙarfe ce. Abin da ake nema a wajen da za a yi kiran murya ko bidiyo shi ne -67 ko abin da ya fi, kuma a wajen da na'ura ɗaya ta fara sauka -67 zuwa -70 ya zama ta gaba ta riga ta fi ta ƙarfi. A misalinmu ofishin akanta yana bayan risefshan, bango biyu tsakaninsa da na'ura, da yana samun -63 a 5 GHz, da aka rage 6 ya koma -69. Bai mutu ba amma ya sauka ƙasa da abin da ake so kuma ba wata na'ura ta ɓangaren da zai koma. Sai ka ɗaga 5 GHz na risefshan kaɗai zuwa 20, ya dawo -66, ka bar 2.4 ɗin a 11 tunda shi ne mai kai wa ƙurya. Sai ka koma ɗakin taro ka tabbatar 5 ɗin risefshan bai dawo yana riƙe mutane ba. Haka ake yi, a ɗan ɗaga a ɗan sauke. In ka ga sai ka kai na'ura ƙarshen ƙarfinta kafin wani ɗaki ya samu, to ba saiti ne matsalar ba, wajen da aka ɗaura ta ne, ko a matsar da ita ko a ƙara wata. Ɗaura duk na'urori a layi cikin korido yana da sauƙin jan kebul amma shi ne mafi munin tsari ga wannan matsalar, suna ganin juna tar daga farko har ƙarshe, ɗakunan da mutane suke kuma suna samun saura.

Ɗaga mafi ƙarancin gudu

Kowace na'ura tana shelar sunanta kusan sau goma a daƙiƙa, kuma tana yin shelar ne da gudu mafi ƙanƙanta da aka yarda mata, 1 Mbps a 2.4, 6 Mbps a 5. Saƙon da aka aika a hankali haka ana iya fahimtarsa daga nesa sosai, shi ya sa waya take ci gaba da jin na'urar ko da ba abin kirki da za ta iya yi da ita. Kuma ba ita kaɗai take cutuwa ba, tasha ɗaya mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, wayar da ke nesa tana aika abu a 6 Mbps tana cinye lokacin da na kusa za su aika ninkin-ba-ninkinsa, don haka mutum ɗaya da ya maƙale daga ɗakin taro yana ja wa duk 'yan risefshan.

Nemi saitin, a UniFi sunansa Minimum Data Rate Control, wasu kamfanonin suna rubuta Basic Rate ko Minimum Bitrate. Sa shi 12 Mbps a duka biyun. Da ka yi haka a 2.4 ka rufe ƙofa ga tsofaffin kaya masu 802.11b, waɗanda iyakarsu 11 Mbps, da wuya ka samu irinsu yanzu amma ka gwada firinta da na'urar ɗaukar zanen yatsa ta bakin ƙofa da POS in suna hawa waifai ɗin ofis kafin ka ce an gama. Wasu suna kai shi 24, a ofis mai na'urori da yawa kusa-kusa yana yi, a mai uku da bangon bulo ni ba na ba da shawara, 12 ya isa.

Kunna masu taimaka wa waya ta tashi

Akwai ƙa'idoji uku da za ka gani a saiti kuma ana yawan cakuɗa su. 802.11k na'ura ce ke ba waya jerin maƙwabtanta da tashoshinsu, don in lokacin nema ya yi kar ta bi tashoshi duka ɗaya bayan ɗaya. 802.11v, wanda ake rubutawa BSS Transition, shi ne na'ura ta ce wa waya ga wata can ta fi miki, koma. Shawara ce, waya na iya ƙi, amma yawancin na zamani suna bi, kuma a cikin ukun shi ne ya fi taɓa matsalarmu kai tsaye. Waɗannan biyun kunna su, da wuya su ɓata wani abu.

802.11r shi ne daban. Ba ya sa waya ta yanke shawarar tashi ko kaɗan, abin da yake yi shi ne in ta riga ta yanke, ya gajarta gaisuwar tsaro da sabuwar na'ura. In ofishinku kowa da sunansa da faswod ɗinsa ta hanyar sabar RADIUS, wato WPA2-Enterprise, amfaninsa babba ne don ba sai an koma saba an sake tantancewa ba. In faswod ɗaya kowa ke amfani da shi ribar kaɗan ce, kuma wasu tsofaffin firintoci da ƙananan na'urori suna ƙin hawa netwok ɗin gaba ɗaya in an kunna shi. Ka kula kuma, kalmar Fast Roaming ba abu ɗaya take nufi a kowane kamfani ba, wani 802.11r yake nufi wani k da v, karanta bayanin da ke gefen maɓallin. Sannan ukun nan suna buƙatar na'urorin su san juna, wato kamfani ɗaya ƙarƙashin kwantirola ɗaya mai kula da su duka. Rautocin gida uku na kamfani uku ba za su yi maka wannan ba, su sai dai rage ƙarfi da daidaita suna.

Laftof ɗin Windows da ya nace

Bayan duk wannan za ka iya samun laftof ɗaya ko biyu da har yanzu suke nan daram. In katin waifai ɗinsu na Intel ne shiga Device Manager, Network adapters, danna katin sau biyu, shafin Advanced, nemi Roaming Aggressiveness. Yana da mataki biyar daga Lowest zuwa Highest, a Medium yake zuwa. Kai shi Medium-High ka gani. Highest yana sa laftof yawan nema da tsalle tsakanin na'ura biyu in yana zaune a tsakiyarsu, wanda shi ma yana yanke kira, don haka kar ka fara da shi. A shafin dai akwai Preferred Band, zaɓi 5 GHz. Kuma sabunta direban katin daga shafin kamfanin, tsohon direba kaɗai yana iya zama dalilin.

Kora, in ta zama dole

Saitin da ake kira Minimum RSSI, ko RSSI Threshold, ko signal-range a MikroTik, abin da yake yi shi ne in siginar waya ya faɗi ƙasa da lambar da ka sa na'ura ta cire ta, da fatan in ta tashi sake hawa za ta zaɓi ta kusa. Yana aiki, amma ka san abu biyu. Lambar da yake dubawa ba wadda kake gani a allon waya ba ce, yadda na'ura ke jin wayar ne, kuma sau da yawa ya fi rauni da wasu dB. Sannan na'urar ba ta san ko akwai wata a kusa da wayar ba, korar kawai take yi.

Ka tuna ofishin akanta na misalinmu. In ka sa -70 a na'urar risefshan, wayar akanta tana cikin aljihu ko cikin durowa za ta sauka ƙasa da haka, a kore ta, ta duba ba kowa sai wadda ta kore ta, ta dawo, a sake korar ta, haka za su wuni, wani lokacin wayar ta gaji ta koma datar layinsa ba tare da ya sani ba sai ya ga data ta ƙare. Alamar wannan a shafin kula ita ce waya ɗaya tana haɗuwa tana yankewa da na'ura ɗaya a jere cikin 'yan mintuna. Don haka fara daga -80, in bai wadatar ba ka matso -78 ko -75, kar ka haura ma'aunin da wayoyin kansu suke tashi a kai, ka bar su su fara gwada tashi da kansu. Kuma ba dole a kunna a kowace na'ura ba, ta tsakiyar korido da ke da maƙwabta gaba da baya ta dace, wadda take ita kaɗai a ƙarshen gini bar ta.

Gwajin tafiya

Canza abu ɗaya, gwada, sannan na gaba, in ka canza biyar lokaci ɗaya firinta ya ɓace ba za ka san wanne ya jawo ba. Kuma ka yi bayan an tashi daga aiki don kusan kowane canji yana sa rediyon ya yanke kowa na ɗan lokaci. Gwajin shi ne ka hau waifai a risefshan da laftof ɗin Windows ka rubuta wannan a Command Prompt, ka sa adireshin rautarku a maimakon na misalin:

```
ping -t 192.168.1.1
```

Sai ka taka da tafiyar mutum ta kullum har ɗakin taro kana kallon allo. In abu ya yi kyau za ka ga amsa ɗaya ta ɓace ko ta yi jinkiri a wajen canjin, wani lokacin ko ɗaya ba za ta ɓace ba, ka isa ka duba BSSID ka ga ta ɗakin taro ce. In ka ga Request timed out huɗu biyar a jere to ko dai kora ce ta yi aiki ba tashin kai ba, ko akwai rami a tsakani. Ka dawo ta hanyar da ka bi don wajen canjin dawowa ba ɗaya yake da na zuwa ba. Sai ka maimaita da iPhone da Android ɗaya mai araha irin wadda yawancin ma'aikata ke riƙewa, kana kan kiran WhatsApp da wani, ya gaya maka inda muryarka ta yanke.

In an ɗauke wuta

Wannan ya shafe mu sosai kuma saiti ba ya gama maganinsa. An ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto na'urar da ke kan inbata tana nan a kunne, sauran da aka jona a soket ɗin bango sun mutu. Duk wayoyin ofis sai su taru kan wadda ta rage, ko wadda ta riga sauran tashi, wuta ta dawo sauran su kammala tashi bayan minti ɗaya ko biyu su tarar ba kowa, kuma mutane suna zaune a teburinsu ba motsi, sigina bai canza ba, ba abin da zai sa waya ta sake nema. Za ka gane shi in ka buɗe shafin kula ka ga na'ura ɗaya da mutum talatin ɗaya da biyu, kuma lokacin da na'urorin suka yi a kunne bai zo ɗaya ba. Maganin shi ne duk na'urorin su sha wuta daga suwic ɗin PoE guda ta kebul ɗinsu, suwic ɗin da rauta su zauna kan inbata ko UPS, ko su rayu tare ko su mutu tare. Haka nan in za ka sabunta manhajar na'urorin kar ka yi da rana ɗaya bayan ɗaya, abu ɗaya zai faru.

Firinta da talabijin ɗin ɗakin taro da kwamfutar tebur su ne suka fi shan wahalar wannan, don da yawansu in sun kama na'ura ba sa sake dubawa sai an kashe su an kunna. Wasu kwantirololin suna da saitin ɗaure abu irin firinta ga AP guda, a UniFi sunansa Lock to Access Point, sai dai in waccan ɗin ta mutu abin da ka ɗaure zai iya zama ba netwok. Duk abin da ba ya motsi kuma yana da ramin kebul a bayansa, ja masa kebul ka kashe masa waifai ɗin.